Murfin akwatina ya ƙi shiga: neman shawara kan zanena na farko a FreeCAD

Dalibin_Samaru: Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a nan Samaru, kuma makonni uku ke nan da na fara koyon FreeCAD, domin manhajar zanen 3D ce ta kyauta kuma tsohuwar kwamfutata tana iya ɗaukarta. Na zana akwati mai murfi wanda zan saka allon Arduino Uno a ciki. Allon yana da tsawon milimita 68.6 da faɗin 53.4, sai na ba cikin akwatin tsawo 75, faɗi 60, zurfi 30, bango kuma kaurin milimita 2. A ƙarƙashin murfin na yi wani leɓe mai zurfin milimita 4 wanda zai shige cikin bakin akwatin, na ba shi 75 da 60 daidai wa daida, domin a tunanina hakan ne zai sa ya zauna cif. A kan allo ya zauna gwanin sha'awa. Da na kai wani shago aka buga mini da firintar 3D, murfin ya ƙi shiga ko kaɗan, na danna da ƙarfi har gefe ɗaya ya yi fari kamar zai tsage. Matsala ta biyu kuma ita ce, da na koma na mai da tsawon akwatin 80, murfin ya tsaya a inda yake bai bi shi ba. Shin laifin zanena ne ko na firintar?

Injiniya_TudunWada: Wa alaikumus salam, ƙanena. Laifin zanen ne, amma laifi ne da kusan duk wanda ya fara ya taɓa yi, ni ma a ciki. Manhaja ta yarda abu mai 75 ya shiga rami mai 75, domin a wurinta layi ba shi da kauri, ita kuwa roba narkakkiya da ke fitowa daga bakin firinta mai faɗin milimita 0.4 ba ta san wannan lissafi ba. Tana ɗan bajewa hagu da dama, saboda haka rami yakan fito a ɗan tsuke, abin da zai shiga ramin kuma yakan fito da ɗan ƙiba. Dole ne ka bar rata tsakanin leɓen da bangon, kuma ratar ta zama lamba mai sunanta a cikin zanen. Kafin mu je can, ka samo ma'aunin baniya ka auna mana cikin akwatin da aka buga da kuma leɓen murfin, ta tsawo da ta faɗi, a tsakiya da kuma kusa da kusurwa. Idan ba mu ga waɗannan lambobi ba, duk abin da za mu faɗa maka kintace ne.

Sarkin_Waya: Ni a ganina ba sai an wahala da awo ba. Wannan ƙafar giwa ce, wato yadda shimfiɗar farko take bajewa a kan farantin firinta ta fi sauran faɗi. Ya sa mai shagon ya gyara saitin shimfiɗar farko a silaisa, wato manhajar da ke shirya zane domin firinta, ko ya kankare gefen da wuƙa, magana ta ƙare. Na sha fama da ita a kan ƙananan kayan da nake bugawa na gyaran waya.

Injiniya_TudunWada: Malam Sarkin Waya, ƙafar giwa gaskiya ce, kuma tana hana abubuwa da yawa shiga, sai dai a duba yadda aka kwantar da kayan. Akwatin gindinsa ne a kan faranti, bakinsa yana sama. Murfin kuma bayansa ake kwantarwa, leɓen ya kalli sama, in ba haka ba sai an yi masa madogara. Ke nan wuraren biyu da za su haɗu, babu wanda ya taɓa faranti, shimfiɗar farko tana can nesa da su. In da murfin irin mai rufe akwati ta waje ne aka kuma buga shi a kife, da maganarka ta hau daidai.

Dalibin_Samaru: Na gode, Injiniya. Na aro baniya a wurin wani abokina na auna. Cikin akwatin ya ba ni 74.8 da 59.7 a tsakiya, leɓen kuma 75.1 da 60.1. A daidai kusurwoyin leɓen akwai ɗan kumburi da nake ji da farce, ɗaya daga cikinsu ma har da wani ƙullutu da ya bi tsayinsa daga ƙasa zuwa sama. Kuma kamar yadda kuka ce, bayan murfin ne a kan faranti, domin shi ne mai sheƙi.

Injiniya_TudunWada: To, yanzu ga magana a fili. Leɓen ya fi ramin da 0.3 ta tsawo, ya fi shi da 0.4 ta faɗi, don haka ko da guduma ba zai shiga lafiya ba. Bari mu fara da gyaran tushe, wanda zai magance matsalarka ta biyu ma. Ka buɗe `Spreadsheet` a cikin fayil ɗin, ka rubuta lambobinka a layi, kowace ka ba ta laƙabi a gurbin `Alias`. Lambobin da za ka rubuta da hannu kaɗan ne: tsawon ciki, faɗin ciki, zurfi, kaurin bango, zurfin leɓe, da rata. Duk sauran daga waɗannan za a haifo su. Na ce ka fara da ma'aunin ciki ne domin allon da za ka saka shi ne ba ya canzawa, bango ne zai bi shi. Ga yadda lissafin zai kasance a cikin gurabun:

```
waje_tsawo   =ciki_tsawo + 2 * kauri
lebe_tsawo   =ciki_tsawo - 2 * rata
lebe_fadi    =ciki_fadi - 2 * rata
```

Sa'an nan a cikin `Sketch`, idan ka zo ba layi tsawo, kada ka buga lamba. Ka danna ƙaramar alamar lissafi da ke gefen gurbin, ko ka buga `=`, ka rubuta `Spreadsheet.lebe_tsawo`. Haka za ka yi wa tsayin `Pad` da zurfin `Pocket`. Dalilin da ya sa murfinka bai bi akwatin ba shi ne 75 ɗin da ka buga a murfi ba ta san da zaman 75 ɗin akwati ba, baƙin juna ne da suka yi kama. Da zarar dukansu suna sha daga gurbi ɗaya, ka mai da shi 80, akwatin zai zama 84 ta waje, leɓen kuma zai bi shi da kansa.

Yar_Kongo: Ina so in ƙara wani abu da ya cinye mini yini guda lokacin da nake koyo. Laƙabin ba ya karɓar haruffanmu masu lanƙwasa, shi ya sa kuka ga Injiniya ya rubuta `fadi` da `lebe` ba yadda muke rubuta su ba. Ba ya karɓar tazara tsakanin kalmomi, kuma ba ya karɓar suna mai kama da adireshin gurbi irin `A1`. Na kuma so in taƙaita da `h` da `l`, ya ƙi, ashe a wurinsa alamun awa ne da lita. Na biyu, ka zaɓi hanya ɗaya: ko dai kowane gurbi ka sa masa `mm`, ko kada ka sa wa kowanne. Idan ka ɗebe lamba tsura daga lamba mai `mm`, zai yi maka ƙorafi cewa ma'aunan ba su dace ba.

Dalibin_Samaru: Allah ya saka da alheri, Yaya. Na gina teburin, kuma a karon farko na canza lamba ɗaya na ga akwati da murfi sun motsa tare, har na yi ta canzawa ina kallo kamar yaro da sabon abin wasa. Amma ina da tambaya. Me ya sa ake ninka ratar sau biyu? Na karanta a wani wuri cewa 0.2 ta isa, sai na yi niyyar mai da leɓen 74.8.

Malam_Kwarbai: Ɗana, bari in amsa wannan, ko da yake ni malamin lissafi ne mai ritaya, ban taɓa riƙe firintar nan ba. Leɓen yana da bango a gabansa da bango a bayansa. Idan ka ɗebe 0.2 sau ɗaya, bangwayen biyu za su raba ta, kowanne ya sami 0.1. Wanda ya ce maka 0.2, sai ka tambaye shi ko a kowane gefe yake nufi ko a jimla, domin nan ne mutane biyu sukan yi ta gardama alhali kowa yana da gaskiya. Kuma bisa awon da ka kawo, firintar ta cinye 0.4 ta faɗi. Idan ka sa 0.2 a kowane gefe, za ka zana leɓe mai 59.6, ya fito 59.7, ramin kuma 59.7 ne. Ka ga ke nan ratar da ka bari ta biya bashi ne kawai, ba ta bar maka ko kwabo ba.

Injiniya_TudunWada: Baba Malam ya gama lissafin, ranka ya daɗe. Abin da zan ɗora a kai shi ne inda aka kafa zanen. Idan ka zana murabba'in da kusurwarsa a kan mahaɗar layukan tsakiya, duk ragin da ka yi wa leɓe zai taru a gefe ɗaya, murfin ya shiga amma ya zauna a karkace, gefe guda ya leƙo waje. Ka yi amfani da `Centered rectangle` ka ɗaura tsakiyarsa a kan mahaɗar, ga akwati da murfi duka, sai ratar ta rabu da kanta. Kada kuma ka fita daga `Sketch` sai layukan sun koma kore, alamar babu abin da ya rage yana lilo. Zanen da bai ɗauru ba yana iya yin kyau yau, gobe ka canza lamba ya murɗe.

Kafinta_SabonGari: Ku yi mini afuwa, ni na ɗauka akwatin katako ake magana, sai da na karanta zuwa ƙasa. Shekara da shekaru ina yin akwatuna masu murfi a Sabon Gari, kuma ban taɓa auna 0.2 ba. Mu mukan yi akwatin a rufe ruf, sa'an nan mu yanke murfin daga jikinsa da zarto, ta haka ba yadda za a yi su saɓa. Kuma katako yana da rai: murfin da ka gyara cif a lokacin hunturu, idan damina ta sauka sai ya kumbura ya ƙi buɗuwa, musamman ta faɗin katakon. Shin ita wannan robar ba ta yin haka?

Yar_Kongo: Baba Kafinta, dabararku ta yanke murfi daga jikin akwati ita ce ainihin abin da teburin yake yi, wato abu biyu su fito daga awo ɗaya. Game da robar kuma, irin wadda ake kira PLA ba ta kumbura da damina yadda katako yake yi, zafi ne abokin gabarta. Tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma mota da aka rufe a rana a watan Afrilu a garin nan tana iya kai ta can. Na taɓa barin wani akwati a gaban mota daga azahar zuwa la'asar, na dawo na tarar murfin ya lanƙwashe kamar ganyen da ya bushe.

Mai_Lamba: Ni har yanzu ban ga dalilin wannan dogon zagaye na tebur da danne-danne ba. A OpenSCAD, wadda ita ma kyauta ce, rubutu kawai za ka yi, kuma komai lamba ce mai suna tun daga farko. Ga leɓen nan gaba ɗayansa:

```
tsawo = 75; fadi = 60; kauri = 2; lebe = 4; rata = 0.25;
translate([kauri + rata, kauri + rata, kauri])
  cube([tsawo - 2*rata, fadi - 2*rata, lebe]);
```

Ku lura cewa `cube` daga kusurwa yake farawa, shi ya sa na tura shi da `kauri + rata`, abin da Injiniya ya yi gargaɗi a kai ke nan. Ga akwati mai kusurwa huɗu, ban san abin da ya fi wannan sauri ba.

Injiniya_TudunWada: Ba na musu da kai a kan akwati tsura, Mai Lamba. Amma yaron nan ya riga ya sa ƙafa a FreeCAD, kuma ranar da zai so ya zagaye gefuna ko ya fitar da zanen takarda mai awo domin aikin makaranta, a nan zai fi samun sauƙi. A bar shi ya gama ɗaya tukuna.

Mu koma kan kumburin da ya ji da farce, domin a ganina shi ne rabin matsalar. Idan bakin firinta ya zo kusurwa mai kaifi dole ya rage gudu ya juya, robar kuwa tana ci gaba da fitowa, sai ta taru a wurin. Ƙullutun da ya bi tsayi kuma shi ne ɗinkin da kowace shimfiɗa take farawa ta ƙare, silaisa tana son ɓoye shi a kusurwa. A ɗaya ɓangaren, kusurwar cikin akwati ba ta fitowa da kaifi, takan ɗan cike. Ke nan kusurwa mai ƙiba ce take neman shiga kusurwa mai cikowa, sai su riƙe juna ko da gefunan suna da rata. Maganin shi ne a zagaye kusurwoyin, kuma zagayen ma a ɗaura shi da lissafi. Idan na waje 4 ne, na ciki zai zama 4 a ɗebe kauri, wato 2, na leɓe kuma 2 a ɗebe rata. Ni nakan ma ƙara wa na leɓe ya fi na ramin girma, misali 3, domin kusurwoyin su kauce wa juna gaba ɗaya, gefuna masu miƙewa su yi riƙon. Sai dai ka kiyaye iyaka: ranar da ka mai da kauri 4 alhali zagayen waje yana 4, na ciki zai zama sifili, zanen ya yi ja ya tsaya. Daga ƙarshe ka sa `Chamfer` na milimita 0.5 a bakin leɓen domin ya nemo hanyarsa da kansa.

Sarkin_Waya: Na karɓi gyara a kan ƙafar giwa. Amma ina nan a kan bakana cewa firintar da take cinye 0.4 tana bukatar saiti. A silaisar Cura akwai `Horizontal Expansion`, a sa masa ragi kaɗan, kayan su fito daidai da zane. Me zai sa a lalata zane mai kyau domin a rufa wa inji asiri?

Yar_Kongo: Domin injin ba nasa ba ne, Malam. Shago ya kai, kuma gobe yana iya kai wa wani shagon. Wannan saitin yana taɓa kowane gefe na abin da ake bugawa, har da ramukan sukurori da kaurin bango. Rata kuwa gurbi ɗaya ce a teburinsa, ya canza ta ya sake fitar da fayil ɗin bugu na STL cikin minti ɗaya. Ko firintar da aka saita sarai ma tana bukatar rata, ba za ta zama sifili ba.

Sarkin_Waya: Ban ce ta zama sifili ba, na ce ne kada a saba da gyara kuskuren inji a cikin zane. A nan dai ba mu daidaita ba.

Malam_Kwarbai: Akwai abin da ban ga an taɓo ba. Idan leɓen toshe ne gaba ɗaya, to ya cinye milimita 4 daga zurfin 30, saura 26 ga allon da wayoyinsa. Ko dai a ƙara zurfin leɓe a kan zurfin akwati a cikin lissafin, ko a rarake tsakiyarsa.

Injiniya_TudunWada: Haka ne, Baba. A rarake shi ya zama zobe mai kaurin 1.6, wato layi huɗu na bakin 0.4. Zai rage roba, kuma zobe yana ɗan lanƙwasawa ya ba da hanya, abin da toshe ba ya yi. Ƙanena, kada ka sake biyan kuɗin cikakken akwati domin gwaji. Ka mai da zurfi 6 a teburin, ka huda gindin ya zama firam kawai, ka fitar da shi sau ɗaya, sa'an nan ka fitar da murfi uku da rata 0.2 da 0.25 da 0.3, ka rubuta lambar a bayan kowanne da alƙalami tun a shagon. A buga su da roba ɗaya da saiti ɗaya da wanda za a yi ainihin aikin.

Dalibin_Samaru: Ga sakamako bayan kwana huɗu, domin an ɗauke wuta ana tsakiyar bugun farko sai da aka sake. Na 0.2 ya shiga da ƙyar, sai da na sa bakin cokali na ɓalle shi, kamar yadda Baba Malam ya lissafa. Na 0.3 yana shiga salin alin, amma idan na kifa firam ɗin sai ya faɗo. Na 0.25 yana shiga da ɗan turawar babban yatsa, na kifa na girgiza bai faɗo ba, shi na zaɓa. Sai dai wani abu ya faru: na zana ramin kebul na USB a kan fuskar bangon, da na koma baya na ƙara zagayen kusurwa, sai ramin ya yi tsalle ya koma wani bango.

Yar_Kongo: Wace fitowa kake amfani da ita? Wannan tsohuwar cuta ce ta FreeCAD. Manhajar tana ba fuskoki lambobi, idan ka ƙara wani abu a baya sai lambobin su sauya, zanen da ka liƙa a fuska ta shida ya tsinci kansa a wata fuskar. Fitowa ta 1.0, wadda aka saki a watan Nuwamba na 2024, ta rage matsalar sosai, amma ni har yau ba na liƙa `Sketch` a kan fuska. Ka ɗora shi a kan `XZ` ko `YZ` na asali, ka tura shi da `Attachment Offset` wanda ya karanta rabin faɗi ko rabin tsawon waje daga teburin. Zagaye da `Chamfer` kuma ka bar su su zama na ƙarshe.

Dalibin_Samaru: Tsohuwa ce, 0.21, zan sabunta in sha Allah. Tambaya ta ƙarshe, Injiniya. Wani abokina yana son irin akwatin amma mai tsawon 150. Tunda ya ninka, shin ratar ma in ninka ta zuwa 0.5, ko ma in mai da ita kaso cikin ɗari na tsawon?

Injiniya_TudunWada: Kada ka ninka. Bajewar roba a gefen layi ba ta san tsawon akwati ba, kuma ƙanƙancewar da roba take yi idan ta huce tana shafar akwati da murfi kusan daidai, tunda roba ɗaya ce. Abin da zai canza a 150 shi ne dogon bango mai kaurin 2 yakan ɗan rusuna ciki a tsakiyarsa, sai ka ga kusurwoyi sun shiga, tsakiya ta cije. Maganin wannan kauri ne ko haƙarƙari a jikin bangon, ba ƙarin rata ba. Kuma firam ɗin gwajinka mai zurfin 6 ba zai nuna maka wannan ba.

Mai_Lamba: Ni na buga mai tsawon 160 da bango 2, kuma sai da na kai ratar 0.35 kafin ya zauna, ban sa haƙarƙari ko ɗaya ba. Wataƙila rusunawar nake biya ban sani ba, amma murfin yana nan yana aiki. Dalibi, idan an buga na abokin naka, ka auna faɗin cikin a tsakiya da kuma kusa da kusurwa ka kawo mana lambobin biyu, ina so in gani ko nawa ne bambancin.